Idan Takardar Shaidar Biyan Haraji Ta Maƙale, Ranar Rufe Tenda Kuma Ta Matso

Duk wanda ya taɓa karanta tallar neman 'yan kwangila da ma'aikatar gwamnatin tarayya ta buga a jarida ya san jerin takardun da ake nema. Na farko shaidar rajistar kamfani daga CAC, na biyu kuma, kusan a kowace talla, takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku da suka wuce, wadda ba za ta daina aiki ba sai 31 ga Disamba na shekarar da ake ciki. Daga nan sai takardun PenCom da ITF da NSITF da rajistar BPP su biyo baya. 'Yan kwangila suna kiran wannan takarda ta biyu TCC, wasu su ce kiliyarans. Ita ce ta fi sauran hana mutane barci, domin sauran takardun galibi idan ka biya abin da ake binka za su fito, ita kuwa tana iya maƙalewa alhali kai a saninka ba wanda ke binka ko kwabo.

Ba son ran jami'an ma'aikata ne ya sa ake nemanta ba. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007, a sashe na 16, ta ce wanda zai nemi aikin gwamnati sai ya kasance ya sauke nauyin haraji da fansho da ke kansa. Kwamitin da ke tantance masu nema yakan fara da takardun cancanta kafin ya dubi ƙwarewa ko farashi. Kamfanin da babu TCC a cikin ambulansa a nan yake faɗuwa, ko da farashinsa ya fi na kowa sauƙi. Wa'adin talla kuwa gajere ne, yawanci makonni huɗu zuwa shida, kuma takardun da suka iso bayan ƙarfe sha biyun ranar rufewa a rufe ake mayar wa mai su.

Abin da ya kamata ɗan kwangila ya fara sani shi ne ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Idan kamfani ne mai rajistar RC, harajinsa na hukumar tarayya ne, wadda aka sani da FIRS, aka kuma sauya mata suna zuwa NRS tun daga Janairun 2026 bisa dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025. Idan kuwa sunan kasuwanci ne kawai mai lambar BN, doka tana ɗaukar ribar a matsayin kuɗin shigar mai shi, don haka takardarsa tana wurin hukumar harajin jihar da yake zaune, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna, ko FCT-IRS ga mazauna Abuja. Tendar jiha kuma takan nemi duka biyun: ta kamfani daga tarayya, da ta daraktoci daga jiha. Mutane da yawa sukan ƙarar da ƙarfinsu a kan ta kamfani, sai ana saura kwana uku su tuna da ta daraktoci.

Jinkirin da ba layi ba ne

A da, neman TCC tafiya ce daga tebur zuwa tebur da fayil a hannu. FIRS ta buɗe shafin TaxPro-Max a Yunin 2021 don shigar da bayanan haraji da biya, sannan a farkon 2023 ta sanar cewa kamfanin da ba a binsa komai zai iya fitar da takardarsa da kansa daga shafin. Wannan sauyi ya canza ma'anar jinkiri. Idan ka nema ta ƙi fitowa, da wuya a ce kana bayan wasu ne a layi. Akasari akwai wani abu guda a cikin asusun kamfaninka da bai daidaita ba: ko wani bayani da ba a shigar ba, ko wani bashi da ke rubuce da sunanka, ko wani bincike da aka buɗe ba a rufe ba. Na'ura ba ta jin roƙo, kuma jami'in da ka je wurinsa ba shi da ikon tsallake abin da ke rubuce. Saboda haka wanda ke zirga-zirga ofis kullum yana tambayar ko ta fito yana ɓata kuɗin mai ne kawai. Tambayar da ke amfani ita ce: wane abu ne ya tare ta, na wace shekara, kuma nawa ne?

Doka ma tana bayan mai yin wannan tambaya. Sashe na 101 na dokar harajin kamfanoni da aka yi aiki da ita zuwa ƙarshen 2025 ya ce idan hukuma ta gamsu an biya haraji, ko kuma babu harajin da ya hau, za ta ba da takardar cikin makonni biyu daga ranar da aka nema, in ba haka ba ta faɗi dalilin hanawa. Sashe na 85 na dokar harajin ɗaiɗaikun mutane ta wancan lokaci ma haka ya ce. A kula da abin da wannan ke nufi. Ba alkawari ba ne cewa takarda za ta fito cikin makonni biyu ko ta halin ƙaƙa. Alkawari ne cewa ba za a bar ka cikin duhu ba. Kuma makonni biyun suna fara ƙirguwa ne daga ranar da za ka iya nuna cewa ka nema, shi ya sa neman baki ba shi da amfani.

Akwai kuma rikicin shekaru da ke ruɗa mutane. Harajin kamfani na kowace shekara ana lissafa shi ne a kan ribar shekarar da ta gabace ta. Takardar da aka bayar a 2025 tana ɗauke da shekarun haraji na 2022, 2023 da 2024, waɗanda aka gina a kan littattafan kamfani na 2021, 2022 da 2023. Kamfanin da ke rufe littafinsa a Disamba yana da wata shida, wato zuwa 30 ga Yuni, ya miƙa rahoton odita da lissafin harajinsa. Wanda ya tsallake shekara guda a cikin waɗannan, ko da shekarar da bai yi aikin komai ba ce, ramin zai bayyana a ranar da ya nemi TCC.

Misalin naira miliyan ɗaya da ta ɓata a hanya

Bari mu ɗauki misali, mu bi shi da alƙalumansa, domin a cikin alƙaluma ne matsalar ke ɓuya. A ce wani ƙaramin kamfanin gine-gine ne a Zariya, ya ga tallar aikin naira miliyan 150 a farkon Maris na 2025, saura makonni biyar a rufe. Takardarsa ta bara ta mutu tun 31 ga Disamba. Akantansa ya shiga shafin ya nemi sabuwa, sai shafin ya nuna akwai bashi.

A shekarar 2023 kamfanin ya yi cinikin naira miliyan 80. A dokar lokacin, kamfanin da cinikinsa bai wuce miliyan 25 ba ba ya biyan harajin kamfani, wanda ke tsakanin miliyan 25 da 100 yana biyan kashi 20 cikin ɗari na riba, wanda ya haura haka kashi 30. Ribar da za a ɗora wa haraji ta kama miliyan 8, don haka harajin ya zama naira miliyan 1.6, ga kuma harajin ilimi na kashi 3 cikin ɗari, naira 240,000.

Amma ɗan kwangila ba ya jiran ƙarshen shekara kafin ya fara biya. Duk lokacin da ma'aikata za ta biya shi kuɗin aiki, tana yanke wani kaso tun daga tushe ta aika wa hukumar haraji da sunansa. Wannan shi ne WHT. Ba wani haraji ne daban ba, kafin alƙalami ne a kan harajin da zai hau kansa daga baya. A wannan shekara kamfanin ya gina azuzuwa na miliyan 40, aka yanke masa kashi 2.5, wato naira miliyan ɗaya. Ya kuma kai kujeru na miliyan 10 wata ma'aikatar, aka yanke kashi 5, naira 500,000. A lissafin Alhaji mai kamfanin, an riga an biya miliyan 1.5, saura 100,000 kacal. Ya biya wannan ragowar da harajin ilimi a Yunin 2024, ya kama harkar gabansa.

Abin da bai lura ba shi ne, a ranar da akanta ya shigar da lissafin, naira 500,000 ce kaɗai ke zaune a asusun kamfanin a shafin. Miliyan ɗayar azuzuwa ba ta iso ba. Akanta ya bar wurin a buɗe da zaton za ta shigo cikin wata ɗaya ko biyu, ba ta kuwa shigo ba. A idon hukuma, kamfanin ya gaza biyan naira miliyan ɗaya tun ƙarshen Yuni, tarar kashi 10 cikin ɗari ta hau, naira 100,000, kuɗin ruwa kuma yana taruwa kowace rana.

A nan ne zuciya ke tashi. Alhaji zai ce wa jami'in, "Ranka ya daɗe, ai an cire kuɗin nan tun kafin ya shigo hannuna, ga shaidar banki." Jami'in zai amsa, "Gaskiya ne, Alhaji, amma a wurinmu bai shigo da sunanka ba." Dukansu biyu gaskiya suke faɗa, kuma musu ba zai matsar da komai ba. Aikin da ke gaba shi ne gano inda kuɗin ya tsaya, kuma wuraren da yake tsayawa sanannu ne.

Wani lokaci ma'aikatar ta aika kuɗin a dunƙule, na 'yan kwangila ashirin ko talatin a biya ɗaya, amma ba ta ɗora jadawalin da ke nuna rabon kowa da lambar TIN ɗinsa ba. Kuɗi na wurin hukuma, mai shi ne ba a sani ba. Wani lokaci an ɗora jadawalin amma an yi kuskuren lamba ɗaya a TIN, ko kuma an sa tsohuwar lambar da mutum ke amfani da ita tun yana sunan kasuwanci kafin ya zama kamfani. Wannan na faruwa sosai ga wanda ya daɗe yana aiki da ma'aikata ɗaya, domin tsohon bayaninsa ne ke cikin kundinsu. Wani lokaci, musamman a ayyukan jiha da ƙananan hukumomi, an tura WHT na kamfani zuwa hukumar harajin jiha, alhali na kamfani na tarayya ne, na mutum ɗaya da sunan kasuwanci ne ke zuwa jiha. Na ƙarshe, wanda ya fi muni, an yanke kuɗin amma ba a aika ko'ina ba, duk da cewa doka ta ce a aika wa hukumar tarayya kafin 21 ga watan da ke biye.

Yadda za ka bambance su ba a ofishin haraji yake ba, a sashen kuɗi na ma'aikatar da ta biya ka yake. Ka je da wasiƙar ba da kwangila, da takardar shaidar kammala aiki, da bayanin banki mai nuna abin da ya shigo. Ka nemi kwafin baucan biyan, wanda a jikinsa ake rubuta jimillar kuɗi da abin da aka yanke. Daga nan ka nemi abu biyu: shaidar aika kuɗin, mai lambar biya da kwanan wata, da kuma jadawalin da aka ɗora. Idan akwai shaidar aikawa babu jadawali, matsala ta farko ce, kuma ma'aikatar ce za ta ɗora shi, ba kai ba. Idan akwai jadawali, ka sa yatsa a kan layinka ka karanta lambar TIN ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ga kuskure, ma'aikatar za ta rubuta wa ofishin harajin da ke kula da ita ta nemi gyara, kai kuma ka karɓi kwafi ka kai ofishin da fayil ɗinka yake, domin sau da yawa ofisoshi biyu ne daban. Idan rasit ɗin na hukumar jiha ne, ka san maganar ta yi tsawo, ba ta makonni biyar ba ce. Idan kuwa aka yi ta ce maka ka dawo gobe ba a nuna maka komai ba, to mai yiwuwa kuɗin bai bar ma'aikatar ba.

Ƙa'idojin WHT na 2024, da suka fara aiki a Janairun 2025, sun kawo sauƙi a wannan gaɓa. Sun rage kason da ake yankewa a ginin hanya da gada da gidaje, da kuma kai kaya, zuwa kashi 2 cikin ɗari. Sun kuma ɗora wa mai yankewa nauyin ba da rasit, tare da cewa idan ya ba da rasit bai aika kuɗin ba, za a lissafa wa wanda aka yanke wa, bashin kuma ya koma kan mai yankewa. Wannan shi ne adalci. Amma rasit ɗin ne makamin, saboda haka duk ɗan kwangilar da aka biya shi ya nemi nasa a makon da kuɗi ya shigo, lokacin da ma'aikacin da ya shirya baucan yana kan kujerarsa kuma fayil bai shiga sito ba.

A ce a misalinmu kuskuren TIN ne, an sa tsohuwar lamba. An gano shi a ƙarshen mako na biyu, ma'aikata ta rubuta wasiƙar gyara a mako na uku. Saura makonni biyu, kuma ba wanda zai iya rantse maka cewa gyaran zai bayyana a shafin kafin ranar rufewa. A nan dole mai kamfani ya yanke shawara, kuma ra'ayina shi ne ya biya. Ya fitar da lambar biya daga shafin, ya biya naira miliyan ɗaya da tara da ruwan da suka hau, ya karɓi takardarsa, sannan ya ci gaba da bin gyaran. Miliyan ɗayar farko ba ta ƙone ba. Ranar da ta shigo asusunsa za ta zauna a matsayin rarar da zai rage harajin shekara mai zuwa da ita. Tara da ruwan kuma yana iya rubutawa ya nemi a sake duba su, tunda baucan ya nuna an yanke kuɗin tun 2023. Biya sau biyu yana da ciwo, ba shakka, amma riƙe miliyan ɗaya da 'yan kai na wasu watanni ya fi rasa damar shiga takarar aikin miliyan 150. Sai dai a kiyaye: biyan ya bi ta lambar da shafin ya bayar, a kan nau'in harajin da shekarar da ake binsa. Kuɗin da aka zuba a kan wata shekara ko wani nau'in haraji daban sabon ciwon kai ne, domin bashin zai ci gaba da nunawa.

Wannan shawara ba ta kowane bashi ba ce. Idan abin da ya tare takardar ƙiyasi ne da hukuma ta yi da kanta, saboda kamfani bai shigar da lissafi ba ko kuma bayan bincike ta ƙi yarda da alƙalumansa, adadin kan iya ninka abin da ya dace sau da yawa. A nan doka ta ba da kwana 30 daga ranar da sanarwar ta iso a rubuta ƙin amincewa tare da dalilai da hujjoji. Wanda ya bar kwanakin nan suka wuce, ƙiyasin ya tabbata a kansa. Idan ba a daidaita ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda ta shiyyar arewa maso yamma ke zama a Kaduna, ta arewa maso gabas a Bauchi, ta arewa ta tsakiya a Jos. Amma a faɗi gaskiya, wannan hanya ba ta ceton tendar da za a rufe nan da wata guda. Abin da ya fi kusa shi ne a biya ɓangaren da ba a jayayya a kai, a zauna da ofis a daidaita sauran da takardu a kan tebur. Kuma da yawan irin wannan ƙiyasi yana faɗawa kan kamfani ne saboda sanarwar ta tafi tsohon adireshi, ko imel ɗin akantan da ya bar aiki tuntuni.

Ƙananan ramuka

Bayan WHT, abin da ya fi tare TCC shi ne VAT na watannin da ba a yi ciniki ba. Ɗan kwangila yakan yi wata huɗu ko biyar babu aiki, sai ya ga ba abin da zai shigar. Ga kamfanin da ya kai matakin karɓar VAT, doka tana son bayani kowane wata kafin ranar 21, ko da sifili ne. Haka nan idan ma'aikata ce ta yanke VAT ɗin kashi 7.5 ta aika da kanta, wannan bai ɗauke wa kamfani nauyin shigar da bayaninsa ba. A dokar da ta yi aiki zuwa ƙarshen 2025, tarar rashin shigarwa naira 50,000 ce a watan farko da 25,000 a kowane wata da ya biyo. Bayani guda da ya yi wata takwas a makare ya tara naira 225,000, a kan watan da ba a sayar da ko ƙusa ba. Sabuwar dokar ta ɗaga tarar zuwa 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane wata bayansa. Daɗin abin shi ne wannan rami a hannunka yake, akanta zai iya cike shi cikin kwana biyu.

Akwai wani abu kuma da ba jinkiri ba ne amma yana kashe tenda daidai da shi. TCC ba kalmar "ya biya" kaɗai take ɗauke da ita ba, tana nuna cinikin kowace shekara da riba da harajin da aka biya. Tallar manyan ayyuka takan ce sai matsakaicin cinikin shekaru uku ya kai wani adadi, kuma daga jikin TCC ake karantawa, a gwada da rahoton odita. Wanda ya sa aka rubuta masa cinikin miliyan 20 don ya kauce wa haraji, alhali ya yi na 80, zai sami takarda cikin sauƙi, amma takardar ce za ta ba da shaida a kansa cewa bai kai girman aikin da yake nema ba. Idan kuma WHT ɗin da aka aika da sunansa ya nuna kwangilolin da suka fi cinikin da ya bayyana, hukumar haraji za ta tambaye shi, kuma tambayar kanta tana iya tsayar da takardar.

Yadda ake bin sawu

Bin sawu mai amfani a rubuce yake. Wasiƙa ɗaya a kan takardar kamfani, zuwa ga kwanturolan ofishin da fayil yake, mai ɗauke da sunan kamfani da lambar RC da TIN, da ranar da aka nemi takardar, da abin da shafin ya nuna, da ranar rufe tenda tare da kwafin tallar. A haɗa hujjojin biya, a sa musu lamba. A kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya a dawo da shi. A nemi sunan jami'in da ke riƙe da fayil ɗin, a kuma roƙe shi ya rubuta duk abubuwan da suka rage a lokaci ɗaya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin abin da ke cinye makonni shi ne ka warware ɗaya yau a nuna maka na biyu jibi. Idan makonni biyu suka cika babu takarda babu dalili, sai wasiƙa ta biyu mai tunatarwa da wa'adin doka, a aika kwafinta ga shugaban hukumar na jiha. Dokokin 2025 sun kuma kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji, wanda aikinsa ke nan, karɓar ƙorafi a kan yadda hukumomin haraji ke mu'amala da jama'a.

Mai kamfani ya je da kansa aƙalla sau ɗaya tare da akantansa. Ba don ya nuna isa ba, sai don shi ne zai iya cewa "a biya" nan take. Kuma ya riƙe kalmar sirrin shiga shafin a hannunsa. Kamfanoni da dama sun tsinci kansu a ranar buƙata ba su iya buɗe asusunsu ba, saboda da lambar wayar wani da imel ɗinsa aka yi rajista.

Wasu kan tambaya ko za a iya saka wasiƙar da ke nuna an nemi takardar a madadinta. Ana iya rubuta wa ma'aikatar da ta yi talla a nemi bayani kafin ranar rufewa, amma idan talla ta ce TCC mai aiki, kwamiti ba shi da hurumin karɓar wani abu daban daga mutum ɗaya, domin abokan takara za su kai ƙorafi kuma za su yi nasara. Kada a gina fata a kan wannan.

A irin wannan matsi ne mutumin bakin ƙofa ke bayyana, wanda zai ce ka kawo kaza ya fito maka da ita gobe. Takardar da zai kawo tana iya kama da ta gaske a ido, amma kowace TCC tana da lamba da ake dubawa a intanet cikin minti guda, kuma tallace-tallacen kansu sukan faɗa cewa za a tantance takardu a wurin hukumomin da suka ba da su. Sashe na 58 na dokar 2007 ya sa amfani da takardun jabu cikin laifuffuka. Kamfanin da aka kama ana hana shi aikin gwamnati na aƙalla shekaru biyar, da tarar kashi 25 cikin ɗari na darajar aikin, daraktocinsa kuma suna fuskantar ɗaurin shekaru uku zuwa biyar babu zaɓin tara. Rasa tenda ɗaya ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Haka nan ba a biyan haraji a hannun mutum ko asusun wani, takardar kanta kuma ba sayar da ita ake yi ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tunda kowace TCC tana mutuwa a 31 ga Disamba, kuma shekarun da sabuwa za ta ɗauka an riga an shigar da lissafinsu tun Yunin bara, ba abin da ke hana kamfani nemanta a makon farko na Janairu, kafin wata talla ta fito. Idan akwai rami, a lokacin zai bayyana, ana da watanni a gaba ba makonni ba.

Duk da haka ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan ɗan kwangila. Mutumin da aka yanke wa kuɗi tun kafin ya taɓa shi ya riga ya sauke nauyinsa, kuma ba shi ya kamata ya yi ta yawo tsakanin ofisoshin gwamnati biyu yana haɗa musu lissafinsu ba. Manyan kamfanoni suna da sashen haraji da ke bin wannan kowane wata. Ƙaramin ɗan kwangilar Gusau ko Azare shi da akanta ɗaya ne na haya, kuma shi ne ya fi faɗuwa a matakin farko na tantancewa, ba don ya kasa aikin ba. Kira ga daraktocin kuɗi da ma'ajin ƙananan hukumomi: duk WHT da kuka yanke, ku aika shi hukumar da ta dace kafin wa'adi, ku ɗora jadawalin da lambar TIN daidai, ku miƙa wa mai shi rasit tare da biyansa. Kai kuma ɗan kwangila, ka buɗe asusunka a shafin haraji a ƙarshen kowane wata, ka gwada abin da ya shigo da abin da aka yanke maka, kada ka jira talla ta tuna maka.